Tsakanin Bakin Titi Da Ƙofar Gida: Inda Saƙo Ke Maƙalewa

A watan jiya uwargidana ta sayi atamfa turmi biyu a wajen wata 'yar kasuwa da ke saro kaya a Kantin Kwari tana tallata su ta waya. Sun yi yarjejeniya cewa sai kaya sun iso hannu za a biya. Da misalin ƙarfe biyu na rana mai babur ya ɗauko saƙon, kafin rabin awa ya biyo titin Katsina ya iso Rijiyar Lemo. Daga nan zuwa ƙofar gidanmu tafiyar minti biyar ce da ƙafa, amma saƙon bai shigo ba sai washegari.

Kwatancen da aka rubuta masa shi ne: Rijiyar Lemo, bayan masallaci, kusa da mai shayi. Masallatan da ke wannan yanki sun fi a ƙirga da yatsun hannu, mai shayi kuwa ba ya kafa teburinsa da rana tsaka. Ya kira waya sau huɗu, ita kuma wayar tana wajen mai caji saboda rashin wuta. Ya tambayi yara da dattawan layi da sunan da ke jikin ledar, kowa ya ce bai san ta ba. Gaskiya suka faɗa, domin a unguwanninmu da sunan maigida ko laƙabinsa ake sanin gida, matar aure kuwa sai dai a ce Maman wane. Da la'asar ta kawo jiki ya juya da kayan.

Washegari da ya dawo na tare shi a bakin titi, na soma yi masa ƙorafi. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ni ma asara na yi. Sai saƙo ya shiga hannu ake biya na." Wannan magana ta sa na yi lissafi. A ƙaddara yana da saƙo goma a yini, kowanne da zangonsa. Awa ɗaya da ya ɓata a layinmu ta ci lokacin saƙo biyu, ga fetur na zuwa da komawa, ga katin waya, sannan ya sake maimaita tafiyar a kan lada guda. Mai saye ba ta biya komai ba, mai sayarwa kayanta sun koma gare ta. Wanda ya fi kowa rauni shi ya ɗauki nauyin kwatancen da ba shi ya rubuta ba.

Wasu za su ce a tura masa wurin da ake ta WhatsApp, magana ta ƙare. Yana taimakawa, amma yana da iyaka. A fili, inda waya ke ganin sararin sama, kuskurenta bai cika wuce 'yan mitoci ba. A cikin ɗaki ƙarƙashin rufin kwano ko dakin, yakan kai mita goma-goma. A unguwar da gidaje ke manne da juna, kuskuren mita talatin ya isa ya ajiye mutum a lungun baya, yana kallon katangar da ba ta da ƙofa. Alamar gane haka ita ce da'irar da ke kewaye da ɗigon nan mai launin shuɗi a taswira: idan ta yi faɗi, a fito ƙofar gida a jira ta tsuke kafin a tura.

Ƙasar Ghana ta ɗauki wata hanya a shekarar 2017, ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar gida-gida, mita biyar tsawo da biyar faɗi, kowane yanki da lambarsa. Mu a nan lambar gidan waya mai alƙaluma shida da muka saba da ita yanki take nunawa, ba ta kai mutum ƙofa ba. Sanya wa layuka suna da lambata gidaje aikin hukuma ne, kuma ya kamata ƙananan hukumomi su yi shi tare da masu unguwanni, su tabbatar da sunayen da jama'a suka riga suka saba kira maimakon ƙirƙiro waɗanda ba wanda zai furta.

Kafin wannan rana ta zo, na rubuta kwatancen gidanmu na adana a waya. Ya fara da alamar da ba ta tashi, wato gidan mai na bakin titi, sannan layi na nawa, hannun dama ko hagu, gida na nawa, launin ƙyaure, laƙabin da maƙwabta suka san ni da shi, da lambar waya ta biyu. Masu sayarwa kuma ina ganin adalci ne su biya mai babur wani abu a kan tafiyar da ta faɗi ba da laifinsa ba. Ranar da ɓatan saƙo ya fara taɓa aljihunsu, za su daina karɓar "bayan masallaci" a matsayin adireshi.