Kwamfutar ofis a kan allon gida: me ya sa rubutu ke ƙanƙancewa ko ya yi girma?

Mai aikin lissafin kuɗi ko ma'aikacin asibiti da ke shiga kwamfutar ofis daga gida ya san wannan matsala. An haɗu lafiya, intanet ba ta yanke ba, amma rubutun da ke kan allo ya yi ƙanana har sai mutum ya kanne ido. Wani lokaci kuma akasin haka ne: komai ya yi girma, maɓallin da ake nema ya faɗa can ƙasa inda ba a ganinsa. Da yawa sukan ɗora laifin a kan rashin ƙarfin sabis, alhali lambobi biyu ne kawai ba su daidaita ba tsakanin na'urorin.

Lamba ta farko ita ce yawan ɗigogin da ke kan allo, waɗanda ake kira fiksel. Idan aka rubuta 1920×1080, ana nufin ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsaye. Ta biyu ita ce yadda Windows ke ƙara wa rubutu da maɓallai girma, wadda za ka gani da sunan Scale a ƙarƙashin Settings, System, Display. Tana iya zama 100%, 125%, 150% ko fiye. Dalilin samuwarta shi ne allo biyu na iya zama da ɗigo iri ɗaya amma girmansu ya bambanta. Allon tebur mai inci 24 da ke da 1920×1080 yana da ɗigo kusan 92 a kowane inci. Laftof mai inci 14 da ke da wannan adadin yana da kusan 157. Harafin da ya ci ɗigo goma sha biyu a kan na farko ana karanta shi cikin sauƙi, a kan na biyu kuwa tsayinsa bai kai kashi biyu cikin uku na wancan ba. Shi ya sa irin wannan laftof yakan zo a kan 150%.

Kafin a taɓa komai, sai a san irin manhajar da ake amfani da ita, domin iri biyu ne kuma maganinsu daban. AnyDesk da TeamViewer da dangin VNC kamar madubi suke: abin da ke kan allon ofis suke ɗaukowa su nuna maka. Remote Desktop Connection na Windows kuwa sabon allo yake ƙirƙira maka, gwargwadon girman da kwamfutarka ta nema a lokacin haɗuwa. Wannan ne ya sa idan ka buɗe Display a cikin kwamfutar nesa za ka tarar wurin a rufe, da saƙon cewa ba a canza saitin daga nesa. Mutane kan ɓata lokaci a nan suna neman hanyar buɗe shi, bayan gyaran yana kan kwamfutar da ke gabansu.

Mu ɗauki wancan laftof mai inci 14 a kan 150%, yana shiga wata tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 ko Windows Server 2008 R2 inda manhajar lissafin ofis take. Tun daga Windows 8.1 da Windows Server 2012 R2, waɗanda suka fito a 2013, kwamfutar nesa tana karɓar lambobin biyu duka daga wurinka. Waɗanda suka girme su yawan ɗigo kaɗai suke ji. Saboda haka tsohuwar za ta zana allo mai 1920×1080 a kan 100%, ta aiko shi ga ƙaramin allonka, rubutu ya fito tsaf amma ƙanana ƙwarai. Wannan tsabtar ita ce alamar: idan rubutu ƙarami ne kuma babu dishi-dishi, to ƙarin girman ne bai isa can ba.

Maganin shi ne a nemi allo mai ƙarancin ɗigo, sannan a faɗaɗa shi a gida. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta:

```
mstsc /w:1440 /h:768
```

Bayan ka shiga, danna maɓallin dama na linzami a kan sandar da ke saman tagar, ka zaɓi Zoom, sannan 125%. Lissafin yana da sauƙi: 1440 sau 1.25 ya ba da 1800, 768 sau 1.25 ya ba da 960, duka biyun sun shiga cikin 1920×1080, har da ragowar wuri don sandar sama da ta ƙasa. Na zaɓi 768 da gangan, domin tsofaffin manhajoji da yawa an tsara tagoginsu ne da wannan tsayi a rai. Idan ka sauka ƙasa da haka don samun 150%, maɓallin OK na iya ɓacewa a ƙasan taga. Abin da za a haƙura da shi shi ne rubutun zai ɗan yi laushi, tunda hoto ake jawowa, kuma Zoom a cikin taga yake aiki, ba lokacin da aka cika allo ba.

Idan kwamfutar ofis sabuwa ce, mai Windows 10 ko 11, ba sai an bi ta wannan hanyar ba. A shafin Display na manhajar haɗuwa, wanda ke fitowa bayan an danna Show Options, ja ma'aunin zuwa Full Screen, ita kuma za ta ɗauki girman laftof ɗin da kanta. Amma ga wani tarko da na fi so mai karatu ya riƙe. Rufe taga da alamar X ba fita ba ne, katse haɗuwa ne kawai, manhajojin suna nan a buɗe da girman da suka tashi da shi. Sai mutum ya yi aiki da dare a kan 150%, da safe ya zauna gaban allon ofis mai 100%, ya ga wasu tagogi sun kumbura ko sun yi dishi-dishi, wasu kuma lafiya lau. Idan wasu manhajoji ne kawai suka lalace, a ajiye aiki, a zaɓi Sign out, a sake shiga. Yawancin lokaci shi ke nan.

Wanda ya gaji da maimaita saiti kullum yana iya danna Save As ya ajiye fayil mai ƙarewa da .rdp, ya buɗe shi da Notepad, ya gyara waɗannan layuka:

```
desktopwidth:i:1440
desktopheight:i:768
smart sizing:i:1
```

Layin ƙarshe yana sa hoton ya bi girman taga maimakon sandunan gungurawa su bayyana a gefe. Mai laftof da kuma babban allo a gida gara ya ajiye fayil biyu, kowane allo da nasa.

Manhajojin da ke ɗauko allon ofis yadda yake, nasu lissafin ya fi sauƙi. Laftof mai 1366×768, irin wanda ya cika kasuwar kwamfutocin hannu, ba zai iya ɗaukar 1920×1080 ɗigo da ɗigo ba. A AnyDesk, zaɓin Original zai nuna maka ɓangare kawai, Shrink kuma zai matse hoton zuwa kusan kashi 71 cikin 100, rubutu ya ƙanƙance. A nan ana iya buɗe Display na kwamfutar nesa a ɗaga Scale zuwa 125% ko 150% kafin a matse, rubutun ya dawo abin karantawa. Sai dai allon gaske ka canza, wanda ke zaune a gabansa zai ga canjin nan take. Idan kwamfutar wani ce kake taimaka wa gyara, ka faɗa masa kafin ka taɓa, ka rubuta lambobin da ka tarar, ka mayar da su kafin ka fita.