Zuciyar Bature Daban, Ta Bahaushe Daban

Idan Bature ya ce mutum yana da zuciya, yabonsa ya yi, yana nufin mai tausayi ne. Amma in Bahaushe ya ce “Audu yana da zuciya”, to ko dai saurin fushi gare shi, ko kuma mutum ne da ba ya yarda a wulaƙanta shi. Gaɓar jiki ɗaya ce, amma kowane harshe da irin kayan da ya ɗora mata. A nan ne masu fassara da yawa suke tuntuɓe.

A Turanci, murna da ɓacin rai da soyayya duk a zuciya suke zama. Hausa kuwa rarraba su ta yi. Murna da ɓacin rai ta kai su ciki, shi ya sa muke cewa farin ciki da baƙin ciki, mai riƙe sirri kuma mu ce zurfin ciki gare shi. Tsoro kan taɓa hanta ko gaba. Ƙarɓuwa wurin jama'a kuwa a jini take, wato farin jini da baƙin jini.

A ce mai fassara ya ci karo da jimlar Turanci game da ɗan kasuwar da ya ji labarin gobara a kasuwa, aka ce zuciyarsa ta nutse. In ya bi kalma da kalma, Hausar ba ta fita ba. Sai ya fara tambayar kansa: me mutumin nan ya ji? Razana ce ta farat ɗaya, tare da jin cewa asara ta zo. Bahaushe zai ce “gabansa ya faɗi”. In tsoron ya tsananta, sai a ce “hantar cikinsa ta kaɗa”. An bar zuciya gaba ɗaya, amma ma'ana ta iso.

Tarkon da ya fi haɗari shi ne inda maganganun biyu suka yi kama. Karyewar zuciya a Turanci baƙin cikin rabuwa da masoyi ce ko rashin wani. A Hausa kuwa, wanda zuciyarsa ta karye karaya ya yi, ko tausayi ya kama shi. Haka nan mutuwar zuciya ba rashin imani ba ce, rashin himmar neman na kai ce. Jimlar za ta karantu sumul, amma saƙon ya canza, kuma da wuya a lura.

Ƙamusun Bargery na 1934 yana taimakawa, domin yakan kawo kalma cikin misalan magana. Sai dai gwajin da ya fi inganci shi ne kunne. Karanta fassararka ga wanda bai ji Turanci ba, ka tambaye shi halin da mutumin labarin yake ciki. In amsarsa ta saɓa da abin da marubucin asali ya nufa, to ka koma ka gyara kafin ta kai ga masu karatu.