Danshi Mai Hawa Bango

Maigida, in watan Agusta ya kama, duba gindin bangon ɗakinka. A ƙasar Rano da Kibiya, gidan da ke gindin dutse ko bakin fadama ya fi gamuwa da wannan cuta. Ruwa na kwance a ƙasa, bango yana tsotsonsa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Alamarsa jirwaye ne daga ƙasa zuwa misalin kamu 2, da farin gishiri, yaɓe kuwa yana ta zuba. In daga sama jirwayen ya sauko, yoyon rufi ne. Ɗaki mai danshi yana yin funfuna, ita kuwa tana tsananta tari da asma, musamman ga yara.

In sabon gini za ka yi, tashi harsashi da dutse ko bulo, ya ɗara ƙasa da aƙalla inci 6. Shimfiɗa leda mai kauri ta rufe faɗinsa duka, kada ta huje. Wurin haɗi, ɗaya ta hau ɗaya da inci 6. Sa'an nan a ɗora tubali.

Tsohon ɗaki kuwa, kwashe ƙasar da ta taru jikinsa, ka yi wa ruwa hanya, ka ƙara tsawon indararo. Kada ka shafe bangon ƙasa mai danshi da siminti. Danshin zai rasa mafita, ya ƙara hawa, ya ci tubalin ta ciki.