Imel ɗin gayyata da zai sa mai hada-hada ya yi rajista

A ce wani kamfani a Kano ya ƙirƙiro manhajar lissafin kaya domin masu kantin magani, yana so ya nuna musu yadda take aiki ta Zoom. Mai kantin da za a gayyata zai ga saƙon ne a waya, yana tsakiyar sallamar masu saye. Abin da zai fara auna shi ne ko taron ya cancanci rabin awarsa.

Taken saƙon ne ke fara yanke hukunci, domin allon waya yakan datse shi bayan kalmomi kaɗan. "Gayyata zuwa gagarumin taronmu" bai faɗa masa komai ba. "Gano maganin da ya kusa lalacewa: minti 30, Talata" kuwa ya taɓo asarar da yake yi, ya kuma faɗi lokacin da za a ci masa.

Cikin wasiƙar, bayan sallama, a shiga matsalar kai tsaye. Tarihin kamfani ya jira. A ce masa za a shigar da kayan kanti a gabansa, ya ga yadda manhajar ke ware duk maganin da wa'adinsa zai cika nan da wata uku, sannan a bar minti 10 na tambayoyi. A faɗi wanda zai yi bayanin da aikinsa. A rubuta rana da lokaci a layi guda, misali ƙarfe 11 na safe agogon Najeriya da Nijar, wato ƙarfe 10 ga wanda ke Kumasi. Sanya taro dab da sallar Juma'a ko la'asar kuwa ɓarnar gayyata ce kawai.

Wurin dannawa ya zama ɗaya tak, fom ɗin kuma ya tsaya ga suna, imel da sunan kanti. A ganina nan aka fi yin asarar mutane: an shawo kan mutum, sai a tare shi da tambayar adireshi da yawan cinikinsa, ya rufe shafin. A kuma yi alkawarin tura bidiyon taron ga duk wanda ya yi rajista, domin wanda ba shi da tabbacin halarta ma ya saka sunansa. Tunatarwa biyu sun wadatar, ta jajibiri da ta awa ɗaya kafin a fara.

Alƙaluma za su nuna inda aka kuskure. In ana dannawa amma ba a kammala rajista, laifin fom ne. In ba a dannawa, a gyara take da alkawarin. Adadin waɗanda suka buɗe saƙo ba abin dogaro ba ne, domin tun 2021 manhajar wasiƙu ta Apple kan nuna an buɗe ko da ba a karanta ba. Ka ƙirga rajista, sannan ka ƙirga waɗanda suka halarta.