Daga Ƙaraye zuwa Rogo, kira bai yanke ba

Shirinmu na musamman na yau zai bi hanyar Ƙaraye zuwa Rogo, tare da wani ɗan kasuwa da za mu ɗauka misali. Ya shiga mota a Ƙaraye, wayarsa a kunne, yana cinikin masara da abokin hulɗarsa a Kano. Har ya isa Rogo cinikin bai ƙare ba, kiran kuma bai yanke ba. Amma ƙarfen sabis ɗin da ya fara ɗaukar muryarsa tuni an baro shi a baya. To wa ya riƙe kiran?

Tun da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a shekarar 2001, tsarin ɗaya ne. Kowane ƙarfen sabis yana da iyakar ƙasar da yake kaiwa, kuma galibi eriyoyinsa suna fuskantar sassa uku. Da zarar waya ta kusa fita daga yankin wata eriya, sai a miƙa kiranta ga ta gaba. Wannan miƙawa ita ce batunmu, kuma za mu bi ta a kan 2G, domin har yau kiran murya da yawa a karkara a kansa yake tafiya, musamman a ƙananan wayoyi masu madannai.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne wayar ba ta zaɓar wa kanta inda za ta koma. Aikinta awo da kai rahoto. Ɗan kasuwarmu yana magana, ita kuma a tsakanin ɓurɓushin muryarsa tana sauraron ƙarafan da ke kewaye. Ba kowane ƙarfe take saurara ba, sai waɗanda aka ba ta sunansu a jerin maƙwabta. Ku riƙe wannan jeri, za mu dawo kansa. Kusan sau biyu a kowace daƙiƙa tana aika rahoto: ga ƙarfin siginar da nake kai, ga tsabtarta, ga kuma maƙwabta shida mafiya ƙarfi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa ba ta wuce mita 8 tsakanin rahoto da rahoto.

Rahoton yana zuwa wurin wata na'ura mai kula da ƙarafa da yawa a lokaci guda, ita ce mai yanke hukunci. Kuma ba ta gaggawa. A ce ƙarfen da ke gaba, ta wajen Rogo, ya ɗara na baya da ɗan kaɗan. Ba za ta miƙa ba. Sai ya ɗara shi da tazarar da injiniya ya sa, misali desibel 4, wato ya fi ninki biyu a ƙarfi, kuma ya zauna a haka cikin rahotanni da dama. Dalili kuwa, sigina ba ta tsayawa cak. Babbar mota ta gifta, ko hanya ta yi kwana a bayan tudu, sai awo ya sauya nan take. Da ba a sa wannan tazara ba, da kiran ya dinga kai da komo tsakanin ƙarafa biyu, kowane juyi kuma yana iya kashe shi. In kuma aka faɗaɗa tazarar fiye da kima, sai waya ta liƙe wa tsohon ƙarfe har muryar ta fara tsinkewa. Gwanintar injiniya tana tsakanin waɗannan biyun.

Idan hukunci ya tabbata, sai a fara kama wa kiran gurbi a sabon ƙarfe, kamar fasinjan da aka kama masa kujera a mota ta gaba kafin ya sauka daga wadda yake ciki. Sannan a aiko wa wayar umarni ta tsohon ƙarfen: koma zango kaza, gurbi kaza. Ta saki tsoho, ta aika gajerun saƙonni ga sabo. Daga jinkirin isar saƙonnin sabon ƙarfen zai gane nisanta, ya gaya mata yadda za ta riƙa gabatar da aikenta don ya faɗa daidai gurbinsa. Kowane mataki na wannan gyara ya yi daidai da kimanin mita 550, matakan kuma sun tsaya a 63, shi ya sa ƙarfen GSM na yau da kullum ba ya riƙe waya da ta wuce kilomita 35, ko da sigina tana isa. Wayar ta ce na iso, sai a saki tsohon gurbin. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Abin da ɗan kasuwarmu zai ji, in ma ya ji, ɗan ƙyas ne a tsakiyar kalma.

A 3G waya kan riƙe ƙarafa biyu lokaci guda kafin ta saki ɗaya. A 4G kuwa ƙarafan su kan daidaita tsakaninsu, tsohon ya tura wa sabon sauran bayanan da bai isar ba.

Yanzu ga inda abin ke ɓaci, kuma a ganina nan ne mai waya ya fi bukatar sani, domin ba kowane "sabis ya ɗauke" ne rashin sabis ba. Idan kiranka yana yankewa a wuri ɗaya kullum, ka duba fuskar wayar. In layukan sabis sun ɓace gaba ɗaya, to giɓi ne tsakanin ƙarafa, ko ɗayansu ya mutu saboda rashin man janareta ko batir. Wannan sai an kashe kuɗi.

Amma in kiran ya yanke, nan take ka ga sabis cike, ka sake kira ya shiga lafiya, to mai yiwuwa sabon ƙarfen ba ya cikin jerin maƙwabtan tsohon. Wayar tana tsaye a gindin sigina mai ƙarfi, amma ba a ba ta sunanta ba, sai ta riƙe tsohon har ya kuɓuce. Wuri kamar gefen madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye yana iya jawo irin haka, saboda sigina tana yin nisa a kan shimfiɗar ruwa inda babu gini babu bishiya. Waya na iya kama ƙarfen da ke can tsallake, wanda ba a haɗa shi da na wannan gaɓar ba, da an bar bakin ruwan sai kiran ya faɗi. Abin takaici a nan shi ne gyaran ba ya bukatar sabon ƙarfe, layi ɗaya ne injiniya zai ƙara a jeri.

Na uku, in yankewar ranar kasuwa kawai take zuwa, to cunkoso ne. Kowane zangon GSM gurbi 8 gare shi, wasu ma na saƙonnin tsari ne. Idan jama'a sun cika ƙarfen da ke kusa da kasuwa, mai shigowa da kira a kunne ba zai samu kujera ba.

Saboda haka idan za ku kai ƙorafi ga kamfanin layinku, kada ku tsaya a "babu sabis". Ku faɗi sunan ƙauyen ko kwanar da abin ke faruwa, daga ina kuka taso kuma ina kuka nufa, domin yana iya yankewa a zuwa Rogo ya ƙi yankewa a dawowa. Ku faɗi rana da lokaci, da ko wayar tana nuna 2G ko 4G, da ko sabis ya dawo nan take. In kamfanin bai saurare ku ba, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana karɓar ƙorafi kyauta a lamba 622.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. A huta lafiya.