Yadda Ake Tattara Gyare-gyaren PDF Wuri Ɗaya

Alamomin da mai duba rubutu yake sakawa a fayil ɗin PDF ba sa taɓa ainihin rubutun. Suna zama ne a samansa, kamar farar leda da aka shimfiɗa a kan takarda aka yi zane. Kowace alama tana riƙe da sunan wanda ya saka ta, da lokaci, da gurbinta a shafi. Wannan ne ya sa ake iya kwashe su a tara wuri guda.

A manhajar Adobe Acrobat, Highlight shi ne shafa wa jimla launi, galibi rawaya. Sticky Note kuwa ɗan akwati ne da ake maƙalawa a ko'ina a shafi a rubuta bayani a ciki.

A ɗauki misalin kundin digiri mai shafi 80 da malamai uku suka duba, kowa da kwafinsa. Ɗalibin ba ya buƙatar bin fayil uku shafi-shafi. Kowane malami zai zaɓi Export All To Data File daga jerin sharhi, ya sami ɗan ƙaramin fayil na FDF mai ɗauke da sharhin kaɗai. Ɗalibin sai ya buɗe kwafinsa, ya shigo da ukun ta Import Data File. Sharaɗin shi ne kwafin ya zama wanda aka duba, domin sharhi gurbi yake bi, bai san kalma ba. Idan an ƙara sakin layi a shafi na 12 kafin a shigo da su, launin zai sauka a kan jimlar da ba ita malamin ya nufa ba.

Daga nan sai Create Comment Summary a Acrobat Pro, wanda ke fitar da sabon PDF mai jera kowane sharhi da shafinsa da mai shi.

A nan ne aka fi yin asara. Launin da aka shafa ba tare da rubuta komai ba yakan fito a taƙaitawar fanko: ga suna, ga lokaci, amma babu jimlar. Maganinsa yana cikin Preferences, sashen Commenting, inda ake kunna zaɓin da ya fara da Copy selected text into Highlight. Tilas a kunna shi tun kafin a soma aiki, don ba ya waiwayar launin da aka riga aka shafa.

Takardar da aka ɗauka da sikana kuwa hoto ce, babu haruffan da za a kwafa sai an bi ta da OCR. Haka nan wanda ya sake fitar da fayil ta Print to PDF ya narkar da alamomin cikin shafi: ido zai gan su, amma jerin sharhi zai fito wayam. Saboda haka fayil ɗin da aka duba da Save ake ajiye shi.