Yadda ake bayyana faɗuwar hannayen jarin bankuna a sakin layi ɗaya

Ranar Alhamis, 9 ga Maris, 2023, hannun jarin bankin Silicon Valley na Amurka ya faɗi da kashi 60 cikin 100. Kafin a tashi kasuwa, manyan bankunan ƙasar guda huɗu sun yi asarar kusan dala biliyan 52 na darajarsu, alhali ba su ne ke cikin matsalar ba. Duk mai rubuta takardar labaran kasuwa ta mako-mako ya wayi gari da aiki a gabansa: sakin layi ɗaya tak, kuma mai karatu na son jin dalili.

Marubuta da yawa kan tsaya a kan cewa "masu zuba jari sun tsorata". Wannan bai ƙara wa kowa sani ba, domin tsoron ma yana da mafari.

Mafarin kuwa kuɗin ruwa ne. Lokacin da yake ƙasa, bankin ya zuba ajiyar jama'a a takardun lamuni masu dogon wa'adi. Daga Maris 2022 babban bankin Amurka ya riƙa ɗaga kuɗin ruwa, daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4.5 cikin shekara guda. A ɗauka mutum na riƙe da takardar dala 100 mai ba shi dala 2 a shekara, sai ga sababbi suna ba da dala 4. Wa zai sayi tasa a kan ɗari? Dole ya karya farashi. Idan ya jira wa'adi ya cika, ɗarinsa za ta dawo. Asarar tana tabbata ne in buƙata ta tilasta masa sayarwa yau. Haka ta faru da bankin. Masu ajiya na ta cirar kuɗi, sai ya sanar ranar 8 ga Maris cewa ya sayar da takardun dala biliyan 21 da faɗuwar biliyan 1.8. Washegari aka nemi cire dala biliyan 42, ranar Juma'a hukuma ta rufe shi.

Jimlar da aka fi mantawa da ita, kuma ita ce mafi amfani, ita ce mai bayyana yadda abin ya shafi maƙwabta: sauran bankuna ma na riƙe da irin waɗannan takardu, don haka masu hannun jari suka sayar tukuna, bincike ya biyo baya.

Sai marubuci ya rufe da abin da za a sa wa ido a mako mai zuwa. A nan, bankunan da mafi yawan ajiyarsu ta haura dala 250,000 da inshorar gwamnati ke karewa. First Republic na cikinsu: ranar Litinin, 13 ga Maris, hannun jarinsa ya faɗi da fiye da kashi 60, kuma ranar 1 ga Mayu JPMorgan Chase ya karɓe shi.